Kama da Wane Ba Ta Wane: Yadda Hoton Kamfani Ke Tona Asirin Jabu

Ɗan yayata ya shigo gidana da yamma yana ta juya tsintsiyar hannunsa, don dai in lura da abin da ya ɗaura. Baƙin agogon nan ne na roba, ɗan siriri, wanda kusan duk mai shekaruna ya taɓa ɗaurawa ko ya gani a hannun malamin makarantarsu, wato Casio F-91W. Ya ce a kasuwa ya sayo, kuma mai shagon ya rantse masa cewa na asali ne.

"Kawu, duba min mana. Abokina ya ce jabu ne, ni kuwa ban ga abin da ya raba shi da na gaske ba."

Na karɓa na duba, ni ma ban ga komai ba. Sunan kamfanin na nan, shuɗin layin da ya zagaye fuskar na nan, lambobi suna tafiya yadda ya kamata. Da a nan na tsaya, da na ce masa ya je ya ci gaba da ɗaura abinsa. Amma na san ido ba ya rarrabe abu ɗaya tilo. Abin da ke cikin kaina game da wannan agogo tsohon tunani ne kawai: baƙi, layi shuɗi, rubutu a sama da ƙasa. Mai yin jabu kuwa wannan tunanin yake nema ya cika, ba wani abu ba. Ya san mai saye ba da na asali zai gwada ba, da abin da ya tuna zai gwada. Idan ana so a kama shi, sai an ajiye na gaske kusa da wanda ake zargi. Tun da ba kowa ke da na gaske a aljihu ba, abin da ya fi kusa da shi shi ne hoton da kamfanin da kansa ya ɗauka ya sa a shafinsa.

Wannan agogo ya dace da koyon wannan aiki. Kamfanin Casio na Japan ya fitar da shi a 1989, kuma har yau ana ƙera shi kusan a siffarsa ta farko. Fuskarsa cike take da rubutu da layuka, kowane da wurinsa da launinsa, saboda haka akwai abin gwadawa da yawa a ɗan ƙaramin fili. Ga shi kuma da araha, amma arahar ba ta hana a yi jabunsa ba.

Kafin mu kalli agogon sai da muka ɓata kusan minti goma wajen neman hoton da ya dace, kuma a ganina wannan ne rabin aikin. Yaron ya rubuta sunan agogon a wayarsa, hotuna suka zubo birjik, ya taɓa na farko ya ce ga shi. Na ce a'a. Wannan hoton daga shafin wani mai sayarwa yake, kuma babu wanda ya san abin da ya ɗauka. Mai yiwuwa na gaske ne, mai yiwuwa jabun da ke shagonsa ne. Idan ka gwada jabu da hoton jabu za su dace tsaf, ka tafi gida da murna alhali ba ka tabbatar da komai ba. Sai muka shiga shafin kamfanin kai tsaye, casio.com, muka nemi samfurin a can.

A can ma akwai tarko. F-91W ba kala ɗaya ba ne. Wanda aka fi sani, baƙi mai shuɗin layi, cikakken sunansa F-91W-1. Akwai F-91W-3 mai koren layi, akwai F-91WG-9 mai fuska ruwan gwal, akwai wasu masu jiki kamar ƙarfe, akwai masu igiya garai-garai da ake hango fata ta cikinta. Duk na kamfanin ne. Wanda ya ɗauki mai koren layi ya gwada da hoton mai shuɗi zai yanke masa hukuncin jabu bisa zalunci. Don haka lambar samfuri ake fara dubawa har ƙarshenta, haruffa da lambobin da ke bayan ɗan karan nan duka, a jikin kwali ko takardar da ke rataye da kayan, sannan a nemi hoton wannan samfurin shi kaɗai. Na yaron nan baƙi ne mai shuɗin layi, sai muka buɗe na F-91W-1.

Akwai wani ɗan abu da na nuna masa a hoton, wanda zai yi wa mai sayayya ta waya amfani. Agogon da ke hoton kamfanin yana nuna ƙarfe 10:58 da sakan 50, ranar Lahadi, 30 ga wata. Kamfanin ya saba tsayar da agogunansa masu lambobi a kan wannan lokacin idan zai ɗauke su hoto. Saboda haka idan mai sayarwa ya turo maka hoto ka ga agogon yana kan 10:58:50, kusan tabbas ba kayan da ke hannunsa ya ɗauka ba, na kamfanin ya kwafo. Wannan bai nuna maƙaryaci ba ne, masu gaskiya da yawa suna yin haka don sauƙi. Amma hoton bai gaya maka komai game da abin da zai aiko maka ba. Ka ce ya ɗauki na hannunsa, gaba da baya, ya turo.

Da muka sami hoton, ban fara gwada shi da agogon da ke hannuna ba. Sai da na mayar da agogon shi ma hoto. Dalilin shi ne, abu na hannu da hoto ba jinsi ɗaya ba ne. Agogo yana ƙyalli, yana motsi, ƙarami ne. Hoton kuwa a shimfiɗe yake, an haska shi da fitilun ɗakin ɗaukar hoto, an kuma ƙara masa girma. Idan kana kallon wannan ka koma ka kalli wancan, ido yana ɗinke bambancin da kansa ba tare da ya sanar da kai ba. Amma idan duka biyun hotuna ne masu girma ɗaya, suna gefe da gefe, ɗinkin ba ya yiwuwa.

Muka fita tsakar gida, wurin da ke da haske amma a inuwa, muka kwantar da agogon a kan farar takarda. Na goge gilashin da gefen riga. Yaron ya kawo wayar dab da fuskar agogon, na ce ya ja baya. Kyamarar waya idan ta matso ƙwarai tana kumbura tsakiyar abu ta lanƙwasa gefunansa, sai madaidaicin layi ya zama kamar baka. Gara a tsaya nesa kamar kamu ɗaya, a jawo hoton da zum, wayar tana kallon fuskar agogon kai tsaye daga sama, ba a karkace ba. Muka kashe filasha, domin tana wanke launi ta bar farin tabo a gilashi. Daga nan muka yanke hoton har agogon ya cika shi kamar yadda ya cika na kamfanin. Wayarsa na ɗauke da hoton kamfani, tawa na ɗauke da namu, muka jera su a kan tabarma. In da kwamfuta ya fi, amma wayoyi biyu sun wadatar. Abu guda kawai: idan za a tura hoton daga waya zuwa waya ta WhatsApp, a tura shi a matsayin fayil, don turawa ta yau da kullum tana matse hoto, ƙananan rubutun da ake so a duba su ne ke fara dusashewa.

Yanzu sai gwajin kansa. Ƙa'idata ita ce a bi fuskar kamar yadda ake bin gona wajen shuka, kunya bayan kunya, daga sama zuwa ƙasa, kada a tsallake ko ɗaya. A kowace kunya tambayoyi uku nake yi: me aka rubuta, a ina aka ajiye shi, kuma da wane irin hannu aka rubuta shi.

Layin farko, can sama: CASIO a hagu da fari, F-91W a dama da ruwan gwal. Na yaron haka yake. Na sa ya karanta min harafi-harafi yana nunawa da tsinke, ba a dunƙule ba. Ya yi dariya, ya ce ai ya iya karatu. Na ce iya karatun ne matsalar. Wanda ya saba da kalma ba ya ganin haruffanta, siffarta yake gani ya wuce; shi ya sa ake sayar wa mutane kaya masu suna da aka sauya wa harafi ɗaya, su ɗaura wata da watanni ba su lura ba. Wanda bai iya boko ba ya fi saurin kama irin wannan, don shi zane yake gwadawa da zane. A nan dai haruffan sun cika.

Layi na biyu, tsakanin shuɗin layi da tagar lambobi: LIGHT a hagu da ɗan kibiya mai nuna madannin fitila, sai ALARM CHRONOGRAPH da ruwan gwal. A ƙarƙashin tagar akwai MODE a hagu, ALARM ON·OFF/24HR a dama, kowanne da kibiyarsa mai nuna madanninsa. A can ƙasa kuma WATER da RESIST, da jan WR a tsakaninsu. Duk waɗannan kalmomi suna jikin agogon yaron, babu kuskuren harafi ko ɗaya. Fuskarsa ta washe.

Na ce ya dakata, tambaya ɗaya muka amsa cikin uku. Zamanin da ake kama jabu da kuskuren rubutu kaɗai ya kusa wucewa, domin masu yin jabun su ma suna da wannan hoton da muke kallo, daga gare shi suke kwafa. Kwafar kalma ba ta da wuya. Abin da ke ba su wahala shi ne ajiye ta daidai inda take, da kaurin da take da shi.

Sai muka koma sama muka sake bin kunyoyin, wannan karon muna duba wuri. Dabarar mai sauƙi ce. Ka ɗauki gefen takarda ka aza a kan hoton kamfani a tsaye, ka dafa shi a farkon wata kalma, ka ga abin da gefen ya ratsa a sama da ƙasa: wane harafi, wace lamba, wace kusurwa. Sannan ka yi haka a ɗaya hoton. Idan agogunan biyu daga bugu ɗaya suka fito, takardar za ta ratsa abubuwa iri ɗaya. Da muka aza ta a tsakiyar fuskar, a hoton kamfani jan WR ya zauna a tsakiya, rabi nan rabi can. A na yaron ya gusa hagu kaɗan, har filin da ke tsakaninsa da WATER ya fi na ɗaya gefen ƙunci. Kaɗan ne ƙwarai, a jikin agogon bai kai kaurin tsinken ashana ba. Amma da zarar ka gani ba za ka iya daina gani ba.

Daga nan abubuwa suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya. Shuɗin layin da ya zagaye fuskar, a hoton kamfani tazarar da ke tsakaninsa da bakin gilashi iri ɗaya ce a hagu da dama. A namu ya fi matsowa dama. Wato an buga dukan fuskar a karkace kaɗan, ko an manna gilashin ba a daidai ba. Kibiyar MODE kuwa ba ta kalli madanninta sosai ba, ta ɗan yi sama da shi.

Idan ana so a wuce "kamar ya fi" zuwa lissafi, ana iya aunawa da rula a kan hotunan, amma ba tsawon da kansa ake gwadawa ba, don hotuna biyu ba sa taɓa zama girma ɗaya cif. Rabo ake gwadawa. A ce a hoton kamfani, yadda ya fito a wayarka, faɗin gilashin ya kai milimita 50, wata kalma kuma ta ci 20. Kalmar ta cinye kashi biyu cikin biyar ke nan. A naka hoton gilashin ya fito 60. In agogon na gaske ne, kalmar za ta ci kusan 24. In ka samu 23 ko 25, rula ce da rawar hannu. In ka samu 28, ba rula ba ce.

Tambaya ta uku, wato hannun rubutu, ita ce ta fi buƙatar haƙuri, kuma ita ce na fi yarda da ita. Muka jawo sunan CASIO a wayoyin biyu har ya cika su. A hoton kamfani kowane harafi kaurinsa ɗaya daga farko har ƙarshe, bakinsa a yanke tsaf kamar da reza. A namu haruffan sun fi kauri, bakinsu ya yi laushi, fenti ya ɗan malala har ramin da ke cikin harafin A ya tsuke. Ƙananan rubutun ƙasa sun fi muni: ɗigon da ke tsakanin ON da OFF ya kusa haɗewa da haruffan da ke gefensa. Wannan alamar bugu mai araha ce. Mai jabu yakan ɗauki hoto ya mayar da shi farantin bugu, kuma kowane kwafi yana ƙara wa layi kauri, kamar takardar da aka yi wa fotokofi daga fotokofi.

Ga wurin da na ja wa yaron birki. Da ya ga an fara kama abubuwa, sai komai ya zama laifi a idonsa. Ya ce shuɗin namu ya fi duhu, gwal ɗin ma ya fi ja. Na ce ya bar launi. Launi ne shaida mafi rauni a wannan aiki. Fitilar da kamfani ya haska daban, ranar tsakar gidanmu daban, kuma wayata da tasa ba sa nuna shuɗi iri ɗaya. Na tura masa hoton kamfanin zuwa wayata don ya gani, sai ga shuɗi biyu daga hoto guda. Launi yana zama hujja ne kawai idan ya sauya jinsi: an sa fari inda ya kamata a ga gwal, ko WR ya fito baƙi maimakon ja. Duhu da haske ba hujja ba ne. Haka ma ƙyalli. Hotunan kamfanoni ana gyara su a kwamfuta, a share ƙura da inuwa, wani lokaci ma zanen kwamfuta ne gaba ɗaya ba hoton kyamara ba. Babu kayan hannu da zai kai su tsabta, ko da yanzu aka ciro shi daga kwali.

Muka juya agogon. Bayan F-91W farantin ƙarfe ne da sukuru huɗu suka riƙe, an sassaƙa masa sunan kamfani, sunan samfuri, ƙasar da aka ƙera shi, da lamba 593 a cikin ɗan akwati. Wannan lambar injin da ke ciki ce, kuma tana da amfani fiye da yadda ake zato, domin da ita ake neman littafin bayanin agogon a shafin kamfanin. Littafin shi ma shaida ce daga bakin mai ƙira: yana da zanen abin da tagar za ta nuna a kowane mataki. Hoton talla fuska ɗaya yake nunawa a tsaye. Littafin yana nuna yadda agogon ke sauyawa idan an taɓa shi. Danna MODE sau ɗaya ya kai ka ƙararrawa, inda za ka ga AL. Sau biyu ya kai ka agogon tsere, inda za ka ga ST. Sau uku ya kai ka wurin saita lokaci. Na yaron ya bi wannan jerin daidai, kuma na faɗa masa haka, don gaskiya ta shafi jabu ma.

Da ya ga an rubuta ƙasar China a bayan, sai ya ce, "To ai shi ke nan, Kawu, ɗan Chana ne." Na ce wannan ma ba hujja ba ce. Casio kamfanin Japan ne, amma yana ƙera wannan agogo a wasu ƙasashe, ciki har da China da Thailand. Abu da aka shekara fiye da talatin ana yi dole a sami ƙananan sauye-sauye tsakanin na bara da na shekaru ashirin da suka wuce, musamman a rubutun baya da kwali. Hoton da ke shafin kamfani na wanda ake sayarwa yanzu ne. In agogon mahaifinka na tun shekarun 1990 ka ɗauko, kada ka yi mamaki in wani ɗan rubutu ya bambanta. Shi ya sa nake raba bambanci gida biyu. Akwai wanda kamfani zai iya yi da gangan: sauya ƙasa, sauya kwali, ƙara ko rage wata kalma. Akwai kuma wanda babu kamfanin da zai yi da gangan: rubutu a karkace, fenti mai malala, kibiya da ba ta kalli madanninta ba. Na farko yana sa ka ƙara bincike. Na biyu, idan ya taru uku ko huɗu a abu ɗaya, ya isa.

Shafin kamfanin ba hoto kaɗai yake bayarwa ba. A ƙasansa akwai awo, kuma awo ba ya damuwa da fitila ko kyamara. F-91W tsawon jikinsa milimita 38.2, faɗinsa 35.2, kaurinsa 8.5, nauyinsa giram 21. Washegari yaron ya biya wurin wani maƙerin zinari da ke unguwarmu, aka aza agogon a ɗan sikelinsa, ya nuna giram 18 da 'yan kai. Ba a sauya masa igiya ba balle a ce ita ce ta rage nauyin. Fitilar ma ta ba da nata bayanin. Ta asali 'yar koriya ce mai rauni, daga gefen hagu take leƙowa, da kyar take haska dukan tagar. Duk wanda ya taɓa neman lokacin sahur da ita ya san haka. Ta yaron fara ce ƙal, ta fi ta asalin kyau nesa ba kusa ba. Abin dariya, nan ma ta tona kanta, domin ba kyau muke nema ba, dacewa muke nema.

Dole in faɗi inda wannan hanya ta tsaya, don kada wani ya ɗora mata kayan da ba za ta iya ɗauka ba. Hoton kamfani shaida ne da ke iya kama mai laifi amma ba ya iya wanke kowa. Idan kayanka ya saɓa masa a wuraren da na ambata, ka samu amsa. Idan ya dace da shi ta ko'ina, abin da ka sani kawai shi ne fuskar ta yi kyau. Akwai jabun da aka kashe wa kuɗi, wanda ke tsallake duk gwajin ido, kuma hoto ba ya leƙa ciki. Ga misali daga wannan agogon. An daɗe ana cewa ka riƙe madannin dama na 'yan sakanni, in na gaske ne taga za ta rubuta CASIo. Haka ne a na yanzu. Amma tsofaffin na asali ba su da wannan, wasu jabun kuma sun koyi yi. Duk alamar da ta bazu har kowa ya santa, mai jabu ma ya santa.

Abin da ba ya kwafuwa cikin araha shi ne aikin injin. Kamfanin ya ce agogon ba ya wuce sakan 30 na gaba ko baya a wata, wato kusan sakan ɗaya a rana, kuma batirinsa, CR2016, yana kai kimanin shekara bakwai. Shekara bakwai ta yi nisa a jira, amma mako guda bai yi ba. A saita agogon da lokacin waya har sakan, a ajiye, a dawo bayan kwana bakwai. Na gaske bai kamata ya kauce fiye da sakan bakwai ko makamancin haka ba.

A agogo, iyakar asarar 'yan kuɗi ne da jin haushi. A cajar waya ko magani lissafin ya sauya, domin abin da ke cutarwa yana ciki inda hoto ba ya kaiwa. Gwada kwalin magani da hoton kamfani yana iya nuna maka wanda za ka ajiye nan take, amma ba ya ba ka izinin shan wanda ya dace. A can sai an haɗa da lambar rajistar NAFDAC, da lambar kankarewa da ake turawa ta saƙon waya in kwalin na da ita, da kuma sanin hannun da ka saya.

Da yaron ya koma shagon, ban bari ya tafi da kalmar jabu a baki ba. Na ce ya kai hotunan biyu ya nuna wurare uku kawai: WR da ya gusa, layin da ya karkata, da nauyin. Ya ba ni labari cewa mai shagon ya daɗe yana kallon wayoyin, ya ɗauko wani daga cikin kwali ya gwada da kansa, sannan ya ce, "Samari, ni ma haka aka kawo min su." Mai yiwuwa gaskiya ya faɗa, 'yan kasuwa da yawa ba su taɓa jera kayansu da hoton kamfani ba. Ya yi tayin mayar masa da kuɗinsa, ko ya rage masa rabi ya riƙe agogon. Yaron ya zaɓi ragin, wai fitilar ta burge shi.

Mun saita shi da wayata ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Juma'ar da ta zagayo ya zo gaishe ni, muka duba tare. Ya riga wayar da sakan 41.